Handawut Ba Ya Ɗauke da Ranar Lalacewa

Kwanakin baya ɗiyar yayata, wadda ke shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya, ta zo hutun ƙarshen mako da wani tulin fotokwafi mai kaurin bulo. Tsofaffin tambayoyin jarrabawa ne da amsoshinsu, haɗe da rubutun darasi na wata ɗaliba da ta gama tun da daɗewa, wadda aka ce ita ce gwanar ajinsu. An yi ta kwafar takardun daga kwafi har wasu haruffan sun shafe. Ina jujjuya shafukan sai idona ya faɗa kan wata tambaya: yaro mai nauyin kilo 12 ya zo da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, yana jijjiga, allurar atesunet nawa za a yi masa? An zagaye amsar da ta ce miligiram 28.8.

Na ce da ita, "Wa ya zagaye wannan?"

Ta ce, "Kawu, haka muka same shi. Duk ajinmu shi muke haddacewa."

Wanda ya zagaye amsar bai yi ƙarya ba, kuma lissafinsa daidai ne. Ya ninka kilo 12 da miligiram 2.4, wanda shi ne ma'aunin da ake koyarwa na kowane kilo, ga babba da yaro. Sai dai a shekarar 2015, a bugu na uku na ƙa'idojinta na maganin maleriya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware yaran da nauyinsu bai kai kilo 20 ba, ta ce a ba su miligiram 3 a kowane kilo. Dalili shi ne an gano cewa idan aka auna wa ƙananan yara da ma'aunin manya, abin da ke kaiwa jininsu na maganin bai kai na manyan ba. Saboda haka amsar yau ita ce miligiram 36. Idan aka haɗa kwalbar miligiram 60 yadda ake haɗa ta don allurar jijiya, kowane mil ɗaya yana ɗauke da miligiram 10, ke nan mil 3.6 za a zuƙa a sirinji maimakon kusan mil 2.9. Wanda ya bi handawut ya rage wa yaron kashi ɗaya cikin biyar na maganinsa, kuma zai maimaita ragin bayan awa 12, ya sake bayan awa 24.

Kwalin magani yana zuwa da ranar lalacewa a jikinsa, kowa yana dubawa kafin ya saya. Rubutun ɗalibi ba ya zuwa da ita. Takardar da aka rubuta shekara goma sha biyu da suka wuce, idan aka sake buga ta jiya, fes za ta fito kamar sabuwa, balle a ce hotonta aka ɗauka aka tura ta waya. Abin da ɗalibi ke buƙatar iyawa shi ne gane shekarun takarda daga abin da ke cikinta, kamar yadda mai sayen rago ke buɗe baki ya duba haƙori.

A fannin lafiya wannan ba shi da wuya, domin akwai wuraren da kowa ya san lokacin da suka sauya. Handawut ɗin da ya sa kulorakwin a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro ya girmi sauyin da Najeriya ta yi zuwa haɗin magungunan atimisinin wajen 2005. Wanda ya ce allurar kwinin ce gaba a zazzaɓi mai tsanani ga yara ya girmi 2011, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita atesunet bayan wani babban bincike da aka yi kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, wanda ya nuna mace-mace sun sauka daga kashi 10.9 zuwa 8.5 cikin ɗari. Wanda ya ce mai ciki sau biyu kacal za ta sha fansida na rigakafi ya girmi 2012, domin daga nan aka koma ba ta a duk zuwa awo tun daga wata na huɗu, da tazarar aƙalla wata guda, a samu aƙalla sau uku. Wanda kuma ya tsaya kan zuwa awo sau huɗu bai ga shawarar 2016 ba, wadda ta mai da shi takwas. Da ka ci karo da ɗaya daga cikin waɗannan, ka san shekarun takardar gaba ɗaya, kuma duk wata lamba da ke cikinta ta zama abin tuhuma har sai an tabbatar.

Haka muka yi da tulin ɗiyar tawa. Mun samu atesunet a ciki, ke nan bayan 2011 aka rubuta. Ba mu samu miligiram 3 ba, ke nan kafin 2015 ne, ko kuma marubuciyar ta kwafo daga littafin da ya girmi hakan. Cikin minti goma mun san inda takardar ta tsaya.

Kada a fahimce ni da cewa a zubar da rubutun abokan karatu. Ni ma da shi na yi karatu, kuma wani bayanin sai da ɗan ajinmu ya faɗe shi da harshen da muke magana kafin ya zauna mini. Yadda ƙwayar cutar ke shiga hanta ta fito ta faɗa jajayen ƙwayoyin jini, sunayen ƙasusuwa, hanyar da jini ke bi a zuciya, duk waɗannan ba kwamiti ke zama ya sauya su ba, rubutun da aka yi kansu tun zamanin iyayenmu yana nan daram. Abin da ke tsufa shi ne hukunci: wane magani ne na farko, nawa za a bayar, sau nawa, daga wace lamba ake cewa ciwo ne, yaushe ake tura mara lafiya gaba. Ɗalibi ya ɗauki jan biro ya bi handawut, duk inda ya ga lamba ko kalmar "na farko" ya ja layi. Waɗannan layukan kaɗai zai kai gaban ƙa'ida, kuma galibi ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na takardar ba a ganina.

Tsofaffin tambayoyi kuwa suna da wata cutar ta daban. Yawancinsu ba daga hannun masu jarrabawar suka fito ba. Ɗalibai ne suka fito daga zaure suka zauna kowa ya tuno abin da ya iya tunowa. A nan ne "ban da" ke faɗuwa daga cikin tambaya, ma'anarta ta juye. A nan ne miligiram ke komawa mil. Amsar da aka zagaye kuma ba ta malami ba ce, zaton wani ɗalibi ne wanda ba mu ma san ko ya ci jarrabawar ba. Idan aji gaba ɗaya ya yarda da amsa, wannan ba shaidu da yawa ba ne, shaida ɗaya ne aka yi wa fotokwafi. Dabarar da na ba ɗiyar tawa ita ce ta rufe amsar da tafin hannu, ta amsa da kanta, ta nemo shafin da ya goyi bayanta, sannan ta buɗe. Tambayar tana da amfani wajen nuna inda masu jarrabawa ke yawan taɓawa, amma zagayen da ke ƙarƙashinta ba hujja ba ne.

To wace ƙa'ida za a duba? Nan ne ɗalibai masu ƙoƙari ma ke tuntuɓe, domin ƙa'idojin kansu ba bakinsu ɗaya ba. Ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka sun sauko da iyakar hawan jini zuwa 130/80 a 2017, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana nan kan 140/90. Ɗalibin da ya ga sabuwar lambar a bidiyo ya garzaya ya "gyara" handawut ɗinsa ya ɓata abin da yake daidai ga inda zai yi aiki. Wani lokacin kuma hukumar duniya ce ke yin gaba, takardar ƙasa ta biyo baya a hankali. A Nuwamban 2022 hukumar ta amince a ba mai ciki a watanni ukun farko atimita-lumefantirin idan zazzaɓin bai yi tsanani ba, a madadin kwinin da kilindamaisin na kwana bakwai da aka daɗe ana koyarwa. Duk littafin da aka buga kafin wannan watan, komai ingancinsa, tsohuwar amsar zai ba ka.

Tsarin da nake ganin ya fi shi ne a fara da ƙa'idar ƙasa, wato wadda Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke fitarwa, a maleriya ta hannun shirin ƙasa na kawar da cutar, a duba shekarar bugu a shafin farko. Daga nan a leƙa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda tun 2021 ta haɗa ƙa'idojinta na maleriya wuri guda a intanet tana sabunta su. Ba sai an karance ta duka ba. A buɗe ta a waya, a rubuta `artesunate` ko `20 kg` a wurin nema, sakin layin zai fito. Idan biyun suka yi daidai, an gama. Idan suka saɓa, a rubuta duka biyun a gefen handawut, kowace da shekararta, a kai wa malami tun jarrabawa tana nesa.

Kai wa malamin ma yana son ladabi da dabara, domin wani lokacin tsohuwar lambar daga allonsa ta fito. Ba a cewa "Malam, ka yi kuskure." Ɗiyar tawa ta je da shafin a buɗe ta ce, "Malama, na ga nan an ce miligiram 3 ga yaro ƙasa da kilo 20, a rubutunmu kuma 2.4 ne, wanne za mu ɗauka?" Malamar ta duba, ta ce sabon za a bi, ta kuma sanar da ajin. Ba kowane malami ne zai karɓa haka ba, na sani. Akwai wanda zai ce abin da ya koyar shi zai yi maki da shi. Idan aka haɗu da irinsa, ɗalibi ya riƙe amsoshin biyu, ya san wadda ake so a takarda, ya kuma san wadda zai zuƙa a sirinji ranar da aka miƙo masa yaro yana jijjiga. A tambayar da ake rubuta dogon bayani ma yana iya kawo duka biyun da shekarunsu, da wuya a rage masa maki kan haka.

Kafin ta koma makaranta na sa ta rubuta a gefen waccan tambayar: miligiram 36, bisa ƙa'idar 2015, da ranar da ta duba. Ku ɗalibai masu gadon waɗannan takardu kuna gadar wa na bayanku, don Allah duk lambar da kuka gyara ku rubuta inda kuka samo ta da shekararta kafin ku kai wa mai fotokwafi.