Wasiƙar Ban Haƙuri Ga Abokin Da Aka Yi Wa Ba'a Kan Halittarsa

Wasiƙar ban haƙuri takarda ce da mai laifi yake rubuta wa wanda ya ɓata wa rai, ya amsa laifinsa, ya faɗi gyaran da zai yi, sannan ya nemi yafiya. A tsakanin samari ba a cika rubuta ta ba, domin yawancin saɓaninsu a baki yake ƙarewa: a yi cacar baki a majalisa da daddare, gari ya waye a gaisa. Ba'ar da ta taɓa halittar mutum kuwa ba ta cika wucewa haka ba. Wanda aka yi wa dariya don ya faɗa kwata da babur yana iya taya mutane dariyar bayan kwana biyu, saboda abin ya wuce. Wanda aka yi wa dariya kan gwamen ƙafa, ko sanƙo, ko hasken fatar zabiya, ko ƙafar da shan inna ya shanye, da abin zai kwana, da shi zai tashi, kuma ba shi da ikon sauya shi.

Bahaushe yana da wasa mai zafi, yana kuma da ƙa'idarsa. Taubasai suna tsokanar juna, haka jika da kaka, haka Bafillace da Babarbare, haka Bakano da Bazazzagi. Abin da ya halatta wannan wasa shi ne kowa yana da bakin ramawa, kuma kowa ya san ba shi kaɗai ake nufi ba. Ba'a kan halitta ta rasa duka biyun. Mutum ɗaya ake nufi, in kuma ya nuna ya ji haushi sai a ce ba ya son wasa, saboda haka yakan yi dariyar yaƙe tare da jama'a. Wannan dariya ita ke ruɗin mai ba'ar, har ya ɗauka ba abin da ya faru. Alamun da suka fi ta gaskiya sukan biyo baya: abokin ya rage zuwa majalisa, ya riƙa gaisuwa a tsaitsaye, ya guji shiga hoto, ko ya soma rufe wurin da aka yi magana a kai.

Misali zai fi bayyana yadda wasiƙar take aiki. A ce wani saurayi yana da aboki tun na makarantar allo, wanda mai zafi ya ƙona shi yana yaro, ya bar masa tabo daga kunci zuwa wuya. Ranar ɗaurin auren wani abokinsu, ana jeruwa za a ɗauki hoton ango, sai saurayin ya ɗaga murya ya ce Ƙanzo ya koma baya kada ya ɓata hoton. Aka tuntsire da dariya. Kafin mako ya zagayo sunan ya bi unguwa, har yaran da ake aike sayen burodi wurin mai shayi sun kama shi. Mai tabon ya daina fitowa.

A nan laifi biyu ne, kuma wasiƙar da ta ga ɗaya kawai ba ta yi aikinta ba. Na farko maganar da aka faɗa a gaban jama'a. Na biyu laƙabin da ya fita daga bakin mai shi ya shiga bakin wasu, wanda ke ci gaba da yin ɓarna ko da mai ƙirƙirarsa ya yi shiru. Magana zarar bunu ce. Aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta haɗa waɗannan abubuwa wuri guda, inda ta hana izgili, da aibata juna, da jifan juna da munanan laƙabobi. Malamai kuma, kamar yadda Imam Nawawi ya kawo a babin tuba na Riyadus Salihin, sun lissafa sharuɗɗan tuba uku: barin laifin, nadama, da ƙudurin ba za a koma ba. Idan laifin ya shafi haƙƙin wani mutum sai a ƙara na huɗu, wato a sauke haƙƙin ko a nemi mai shi ya yafe. Wasiƙar ban haƙuri hanya ce ta cika wannan sharaɗi na huɗu.

Ana iya tambayar abin da ya sa ba za a je a faɗa da baki ba. Zuwa da ƙafa yana da daraja, amma yana da aibi guda a irin wannan lamari. Kunya da kara kan sa wanda aka je wa ya yi saurin cewa ba komai, ya wuce, alhali bai wuce ba, kuma da zarar ya faɗi haka an rufe maganar. Takarda tana ba shi damar karantawa shi kaɗai, ya yi fushinsa, ya sake karantawa, ya amsa lokacin da ya shirya. Ita ma tana hana mai laifin fakewa da murmushi da dafa kafaɗa. Ko a takarda aka rubuta, ko a saƙon WhatsApp, hukuncin ɗaya ne, sai dai rubutun hannu yana nuna an zauna an ɓata lokaci, kuma ba a iya tura shi ga mutum goma da danna yatsa ɗaya.

Tsarin wasiƙar shi ne wanda aka saba: sallama, gaisuwa, dalilin rubutu, rufewa. Gaisuwar kan zama gajera, don doguwar gaisuwa a nan tana kama da kewaye-kewaye. Ana kiran abokin da sunansa na yanka ko da kalmar da aka saba ta zumunci. Ga yadda wasiƙar wannan saurayi za ta iya kasancewa:

"Assalamu alaikum, ɗan'uwana. Ina fata kana lafiya, kai da su Baba da Inna. Na rubuto ne kan abin da na yi maka ranar ɗaurin aure. Na yi maka ba'a kan tabon fuskarka a gaban mutane, na kuma laƙaba maka sunan da ba naka ba. Ni na faɗa, ba wanda ya sa ni, don kawai in sa a yi dariya. Na san yadda ka samu tabon, na san ba ka son a yi maganarsa, na kuma yi. Na ci amanar abota. Jiya da daddare na gaya wa 'yan majalisa cewa ni na ƙirƙiri sunan, kuskure na yi, kuma duk wanda ya sake kiran ka da shi zan tsawata masa. Zan ci gaba da yin haka ko ka amsa wannan takarda ko ba ka amsa ba. Ina roƙon ka yafe mini don Allah, amma ba na matsa maka. Ka huta lafiya. Naka."

Jimlar da ta fi kowace nauyi ita ce wadda ta faɗi abin da aka yi. Masu rubutu da yawa sukan tsallake ta, su ce "abin da ya faru rannan" ko "idan na ɓata maka rai". Kalmar "idan" tana mayar da laifin abin shakka, kamar ana cewa wataƙila abokin ne ya cika saurin fushi. Haka ma "ka san halina, wasa nake yi", domin tana neman abokin ya ɗauki nauyin fahimta. Duk da haka akwai iyaka ga fayyacewa. Saurayin ya ce ya laƙaba suna, amma bai sake rubuta sunan ba, don ba shi da amfani a tilasta wa mutum ya karanta zagin da ya riga ya ji da kunnensa.

Wani kuskure da ke fitowa da kyakkyawar niyya shi ne yabon gyara, irin su "ai tabon ba ya ma fitowa sosai" ko "wallahi ka fi ni kyau". Mai tabon yana da madubi. Irin wannan yabo yana sake mayar da fuskarsa abin tattaunawa, yana kuma nuna cewa da tabon ya fi haka girma da ba'ar ta halatta. Akwai ruwaya a Musnad na Imam Ahmad cewa sahabbai sun yi dariyar sirantar ƙwaurin Abdullahi ɗan Mas'ud lokacin da ya hau bishiya zai tsinko asuwaki. Annabi (SAW) bai musa sirantar ba, sai ya bayyana cewa ƙafafun nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Mai wasiƙar da ke son yabo zai fi dacewa ya yabi abin da ya sani na halin abokin da alherinsa, shi ma a taƙaice.

Sashen gyara shi ne ke bambanta wasiƙar gaske da ta fatar baki. A 2016 Roy Lewicki na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka da abokan aikinsa biyu suka wallafa wani bincike da ya rarraba ban haƙuri gida shida, suka gwada wanne ya fi tasiri ga masu sauraro. Amsa laifi ne ya zo na farko, sai tayin gyara ɓarnar, roƙon yafiya kuwa shi ne na ƙarshe. A Amurka aka yi binciken, kan lamarin neman aiki, kuma Bahaushe ba zai ɗauki wasiƙar da ba "ka yafe mini" a cikinta a matsayin cikakkiya ba. Amma jerin yana da ma'ana a nan ma: roƙon yafiya shi ne abin da mai laifi yake so a ba shi, saboda haka bayan sauran yake zuwa. Tunda a bainar jama'a aka kunyata mutum, a can ne gyaran zai faru. Shi ya sa saurayin ya fara zuwa majalisa kafin ya rubuta, ya ba da labarin abin da ya riga ya yi maimakon alƙawarin abin da zai yi. Idan an yaɗa hoto ko bidiyon abin, gyaran ya haɗa da goge shi da bin waɗanda aka tura wa su ma su goge. Wasiƙar kanta ba a karanta ta a majalisa, ba a kuma nuna wa kowa, domin yin haka yana mayar da ita neman suna.

Game da lokaci, ba a so a wuce 'yan kwanaki, saboda laƙabi yana ƙara kafuwa kullum, kuma sanannen hadisi ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Takardar tana iya zuwa ta hannun mai ita, ya miƙa ya tafi, ko ta hannun aboki ɗaya da bai shiga dariyar ba. Ba a aika ta da yaro a buɗe.

Amsa tana zuwa iri-iri. Wani zai rubuto da zafi, ya lissafo wasu lokutan da aka yi masa irin haka waɗanda mai laifin ya manta, kuma abin da ya dace a nan shi ne a saurara ba tare da gyara masa lissafi ba. Wani zai ce ya yafe amma ba zai koma kusancin da ba, wannan kuma haƙƙinsa ne, domin yafiya daban, dawowar abota daban. Wani zai yi shiru. Shiru ba ya buƙatar wasiƙa ta biyu da ta uku. Mai laifin yakan ci gaba da sallama idan an haɗu, ya ci gaba da hana kiran sunan, in kuma abin ya daɗe ya nemi wani babba da su biyun suke jin nauyinsa, kamar yayan ɗayansu ko malaminsu na Islamiyya, ya zaunar da su.