Jadawali uku kafin a danna saye

Kyandir ɗaya na jadawalin kwana, wanda manhajar MetaTrader ke nunawa da D1, ya haɗiye kyandirori shida na H4, kowane ɗaya daga cikinsu kuma ya haɗiye huɗu na H1. Farashi ɗaya ne, nisan kallo ne ya bambanta. Shi ya sa mai cinikin kuɗaɗen waje zai ga kasuwa tana gangarowa a jadawalin awa ɗaya, ya yi maza ya sayar, alhali ɗan numfashi ne take yi a tsakiyar hawan da ta yi makonni tana yi. Tun 1986 Alexander Elder ya fito da tsarin duba jadawali uku don maganin wannan ruɗin.

Daga sama ake farawa. A ce EUR/USD ne, a matsayin misali kawai. A D1 farashi ya tashi daga 1.0700 zuwa 1.0900, ya sauko 1.0820, ya sake hawa har 1.1010. Kowane ƙololuwa ya ɗara na baya, kowane saukowa ya tsaya sama da na baya. Hukuncin D1 ke nan: saye kaɗai za a nema, muddin kyandir bai rufe ƙasa da 1.0820 ba.

Aikin H4 shi ne nuna wurin jira. Ba a bin farashi a 1.1010, sai a bari ya dawo wajen 1.0900, tsohon rufin da ya fasa, domin sau da yawa wurin yakan zama masa dandamali. Nan ne haƙurin yawancin mutane ke ƙarewa, don jiran kan ɗauki kwanaki.

Da ya iso, sai a buɗe H1. Za a tarar yana ta sauka, kuma haka ya kamata. Abin nema shi ne karyewar wannan saukar: in tudun ƙarshe da ya yi yana 1.0925, sai kyandir ya rufe a samansa, a ce 1.0930. Nan za a shiga, a sa Stop Loss a 1.0890, a nufi 1.1010. Kasadar pip 40 ke nan don neman 80. Ko da jadawalin uku sun yi baki ɗaya ana iya faɗuwa, amma asarar tana da iyaka tun kafin a shiga.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi a ganina shi ne yanke hukunci da kyandir ɗin da bai rufe ba. Wanda ya yi kore shar da la'asar yana iya ƙarewa ja. A wurin dillalai da yawa na kwana yana rufewa ƙarfe biyar na yamma agogon New York, wato goma ko sha ɗaya na dare a Kano da Yamai, gwargwadon lokacin shekara. In kuwa D1 ya rasa alkibla, yana ta kai da kawowa tsakanin iyaka biyu, alamar da H1 zai bayar ba ta da abin jingina, gara a bar kasuwar ranar.