Baƙin tabo a ƙarshen saiwar haƙori

A hoton haƙori, wurin da ya ruɓe duhu yake fitowa, domin ruɓa ta cinye masa ƙarfi. Idan likita ya ga baƙin tabo kewaye da ƙarshen saiwa, yawanci jijiyar ta mutu, ƙwayoyin cuta sun kai ƙashi. Daga nan mugunya ke taruwa, dasashi ya kumbura. Ciwon kan lafa bayan mutuwar jijiyar, mutum ya zaci ya warke, alhali kuwa da saura.

Maganin kemis kaɗai ba ya raba gardama, sai an cire haƙorin ko an wanke cikinsa. Amma idan kumburi ya gangara ƙarƙashin haɓa ko ya doshi ido, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiya ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.