Ko ka san ba a samun khal sai an bi ta kan giya?

Khal, wanda wasu ke kira binega, ɗan ƙaramin halitta ne ke yin sa, wanda ido ba ya gani. Sunansa Acetobacter, kuma Louis Pasteur na Faransa ne ya bayyana aikinsa a wajajen 1864. Abincin wannan ƙwayar halitta giya ce. Ba ta farawa sai yis ya riga ya cinye sukarin da ke cikin ruwan 'ya'yan itace ya mayar da shi barasa. Daga nan, muddin iska na shiga, sai ta bi barasar tana juya ta zuwa tsami.

Ɗauki lita ɗaya ta ruwan tuffa, mai sukari kamar giram 100. Cikin mako ɗaya zuwa biyu yis zai maishe shi abin sha mai barasa kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari. Idan aka rufe bakin tulun da ƙyalle kawai, bayan wasu makonni wani bargo mai santsi zai kwanta a saman ruwan, shi ake ce wa uwar khal. In aiki ya kammala, tsamin zai kai kusan kashi 5 cikin ɗari, barasar da ta rage kuwa ɗan burbushi ce da ba ta bugarwa. Wanda ya toshe tulun gam ya hana iska shiga, giya ya dafa, ba khal ba. Hanci ma kan gaya maka: in ka ji wari irin na maganin goge farce, aikin bai nuna ba tukuna. Masana'antu suna hura iska a cikin manyan tankuna su gama cikin kwana ɗaya ko biyu, amma hanyar ɗaya ce.

Abin da aka fara da shi ne kawai ke bambanta iri da iri. Na tuffa dai ka ji. A Iraƙi da dabino ake yi, a Japan da Sin da shinkafa, a Ingila da tsiron sha'ir, a Filifin da rake ko kwakwa. Bammi ma in ya yi kwanaki a buɗe khal yake zama. Farin nan mai kama da ruwa yawanci daga tatacciyar barasar masara ko rake yake, wani kuma ba khal na gaske ba ne, sinadarin tsamin aka surka da ruwa. Baƙin nan mai kauri na Modena a Italiya, na gargajiyarsa daga dafaffen ruwan inabi ne da ke shekara 12 aƙalla a ganga, mai arahar kuwa ana haɗa shi da khal ɗin giyar inabi.

To, ya halatta? Asalinsa babu gardama. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya nemi mahaɗin abinci, aka ce masa khal kaɗai ke nan, ya ci kuma ya yabe shi. Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye khal da kanta ta tsarkaka, domin abin ya sauya zati, abin da fiƙihu ke kira istihala.

Saɓanin yana wurin giyar da aka juya da gangan. Muslim ya ruwaito daga Anas cewa an tambayi Annabi (SAW) ko a mayar da giya khal, ya hana. Abu Dawud kuma ya kawo labarin Abu Ɗalha da marayun da suka gaji giya, aka umarce shi ya zubar. Da wannan Hambalawa suka ce wadda aka juya da hannu ba ta halatta. Shafi'awa sun ce in an jefa wani abu a ciki ba ta tsarkaka, amma in wuri kawai aka sauya mata, daga inuwa zuwa rana, ta tsarkaka. Hanafawa sun halatta juyawar da cin duka. Malikawa, mazhabar da muka tashi a cikinta, sun yi saɓani kan aikin juyawar, amma a Mukhtasar na Khalil an lissafa giyar da aka mayar khal cikin abubuwa masu tsarki.

A ganina, wanda ke gudun kwalbar da aka rubuta khal ɗin giyar inabi, ya rungumi na tuffa don yana zaton shi bai taɓa zama barasa ba, ya yi kuskuren lissafi. Tsantseninsa yana da madogara, amma madogarar ita ce niyyar mai yin da hadisin Anas. Shi ya sa wasu malaman Hambalawa suka ba mai yi a gida shawara ya zuba tsohon khal a kan ruwan inabin tun kafin ya fara tafasa, don tsami ya riga giya kama tulun.