Daren ruwan gishiri: wa ya fara faɗa?

A farkon watan Agusta na 2014, makonni kaɗan bayan Patrick Sawyer ya sauka a Legas ɗauke da cutar Ebola, wani saƙo ya hana 'yan Najeriya barci. Wai a yi wanka da ruwan ɗumi mai gishiri, a kuma kurɓa, don a tsira daga cutar. Iyaye suka riƙa kiran 'ya'yansu a waya cikin tsakar dare. Kafin ƙura ta lafa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biyu sun rasu saboda shan ruwan gishirin.

Waɗanda suka yaɗa saƙon ba maƙaryata ba ne, masoya ne. A nan tarkon yake. Mutum kan auna labari da amanar wanda ya turo masa, alhali shi ma mai turowar jiyau ne, ba ganau ba. Tambayar farko ita ce: wa ya fara faɗa? In aka bi sawun saƙon gishiri, daga inna zuwa maƙwabciya, daga maƙwabciya zuwa "wani likita", sai sawun ya ɓace. Babu sunan likitan, babu asibitinsa, babu ranar da ya yi maganar. Malaman hadisi tun tuni suke raunana ruwayar da aka samu wanda ba a san shi ba a isnadinta.

Ko an samu suna, da sauran aiki. Shin fanninsa ne? Babban malami ko basarake na da girmansa, amma girma ba ya sa mutum ya san ƙwayar cuta. Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya fito ya ƙaryata maganar da sunansa da muƙaminsa. Da ya yi kuskure, an san inda za a tuhume shi. Majiyar ƙwarai ke nan: tana da abin da za ta rasa in ta yi ƙarya, kuma takan fito ta gyara in ta kauce.

Yawan masu faɗa kuwa ba hujja ba ne. Mutum goma da suka kwafo saƙo ɗaya, shaida ɗaya ce. A nemi wata kafa da ta binciko da kanta, kamar Dubawa ko Africa Check.

Yau maƙirƙira sun ƙware, har tambarin hukuma suke liƙawa a takarda. Hoton sanarwa ba sanarwa ba ne. In an ce daga Hukumar Daƙile Cututtuka ta Najeriya ta fito, mai karatu ya rubuta ncdc.gov.ng da hannunsa ya duba. In babu ita a can, ya dakata, kada ya tura wa kowa.