Gyaran Adireshi da Kwatance: Saƙon da Mai Kaya Ke Tura wa Ɗan Aike

Saƙon gyaran adireshi shi ne ɗan gajeren bayanin da mai kaya ke tura wa ɗan aike idan ya gano cewa adireshin da ke jikin kayansa ba daidai ba ne. A biranen ƙasar Hausa, inda sayen kaya ta waya ya zama ruwan dare, irin wannan saƙo yana ɗauke da ayyuka biyu. Na farko shi ne soke adireshin da aka rubuta bisa kuskure, na biyu kuma shi ne kwatanta sabon wurin ta yadda baƙo zai same shi ba tare da yawon tambaya ba. Aiki na biyu ya fi nauyi, domin a unguwanni da dama layuka ba su da allon suna, gidaje kuma ba su da lamba, ko suna da lambobi biyu da aka rubuta a lokuta daban-daban. Lambar gidan waya mai alƙaluma shida da ake amfani da ita a Najeriya yanki take nunawa, ba ta nuna ƙofar gida. Saboda haka kwatance ne ke kai kaya hannun mai su.

Inda kuskuren ke fitowa

Mafi yawan kuskuren adireshi daga kamannin suna yake tasowa. A Kano akwai Rijiyar Zaki a kan titin Gwarzo, akwai kuma Rijiyar Lemo a kan titin Katsina. Mai shago da ke karɓar oda cikin hayaniyar kasuwa zai iya jin ɗaya ya rubuta ɗaya, alhali hanyoyin biyu ba ɓangare guda suka nufa ba. Haka Ɗorayi Babba da Ɗorayi Ƙarama suke, idan aka rubuta Ɗorayi kawai an bar ɗan aike da zaɓi biyu. Wasu sunayen kuma garuruwa da yawa ne suka yi tarayya a kansu: akwai Tudun Wada a Kano da Kaduna da Zariya, akwai Sabon Gari a Kano da Zariya. Kayan da za su tsallaka jiha suna buƙatar sunan gari a gaban sunan unguwa.

Wani kuskuren daga mai kayan ne da kansa. Mutum ya tashi daga gidan haya amma manhajar sayayya tana riƙe da tsohon adireshinsa, ko ya yi oda yana wurin aiki wayar ta ɗauki inda yake tsaye a matsayin gida. Sanin tushen kuskuren yana da amfani, domin shi ke nuna wanda ya kamata ya biya ƙarin kuɗin hanya idan an kai ga haka.

Tsarin saƙon

Ɗan aike yakan fito da kayan mutane da yawa a lokaci guda, kuma a tsaye yake karanta saƙo, a gefen titi, injin yana kunne. Don haka bayan sallama, abu na farko shi ne a gaya masa wane kaya ake magana a kai: sunan da ke jikin ƙunshin, shagon da ya aiko, da lambar oda idan akwai. Saƙon da ya fara da kwatance kai tsaye yakan bar shi yana tunanin wane ne daga cikin masu jiransa.

Abu na biyu shi ne a soke tsohon adireshi da kalmomi bayyanannu, a ambaci kuskuren da gyaransa a jimla ɗaya. Idan aka turo sabon adireshi kawai ba tare da an ce na farko ba daidai ba ne, ɗan aike zai ga adireshi biyu, kuma yawanci na jikin takarda zai bi, tunda shi ne abin da ofis ya ba shi.

Na uku shi ne kwatancen kansa, kuma yana da ƙa'ida guda wadda ta fi sauran: a fara daga wurin da kowa ya sani, a kuma faɗi daga ina aka ɗauka mutum yana tahowa. Hannun dama da hannun hagu suna juyawa gwargwadon inda mutum ya fuskanta. Kwanar da ke hannun daman wanda ya taho daga Kabuga ita ce a hannun hagun wanda ya taho daga sabuwar jami'ar Bayero. Gabas da yamma kuwa ba sa juyawa, kuma da yawan mutane sun saba gane gabas saboda alƙibla, shi ya sa cewa gida yana kallon gabas yake raba shi da na ɗaya gefen layin.

Na huɗu shi ne wanda zai karɓi kayan. A al'adar gidajen Hausawa baƙon namiji ba ya shiga gidan matan aure, yakan tsaya a ƙofa ya yi sallama. Idan matar gida ce mai kayan, sai ta faɗi wanda zai fito, yaro ne ko mai gadi, da kuma sunan da makwabta suka san gidan da shi. Sunan da ke kan oda sau da yawa ba shi ne sunan da yaran layi suka sani ba, domin su da sunan maigida ko sana'arsa suke kiran gida.

Misali guda

A ɗauka wata mata a Rijiyar Zaki ta sayi atamfa daga wani shago a Kantin Kwari, mai shagon ya rubuta Rijiyar Lemo, ita kuma ta lura da haka a hoton rasit ɗin da aka turo mata. Saƙon da zai yi aiki zai iya zama kamar haka:

“Assalamu alaikum, Malam, sannu da aiki. Ni ce mai ƙunshin atamfa turmi biyu daga Kantin Kwari. An yi kuskure a adireshi: ba Rijiyar Lemo ba ce, Rijiyar Zaki ce, titin Gwarzo. Don Allah kada ka nufi titin Katsina. Idan ka taho daga Kabuga kamar za ka sabuwar jami'a, ka tsaya a masallacin Juma'a da ke hannun damanka. Ka shiga layin da ke jikin masallacin, ka wuce kwana biyu, a ta uku za ka ga taransifoma, ka yi hagu. Gida na huɗu ne a hannun dama, baƙar ƙofar ƙarfe, da bishiyar darbejiya a gabansa. Idan ka ga makarantar Islamiyya, ka wuce mu. Ka kira wannan lambar idan ka iso taransifoma, yarona zai fito ya karɓa. Na gaya wa mai shago. Don Allah ka amsa in san ka gani. Na gode.”

Kowace jimla a nan tana da aikinta. An ambaci sunan titi tare da sunan unguwa, don ko kunne ya sake rikita Zaki da Lemo, Gwarzo da Katsina ba za su rikice ba. An jera alamomin bisa yadda mai tafiya zai tarar da su, daga babba zuwa ƙarama: masallaci, taransifoma, ƙofa. An ba ƙofar alama biyu, launi da bishiya, saboda baƙar ƙofa ɗaya ba ta isa shaida a layin da rabin gidajensa baƙaƙen ƙofofi ne. An kuma sa alamar wucewa, wato makarantar, wadda ke hana ɗan aike zarcewa har ƙarshen unguwa yana ƙirgen da ya riga ya ɓace masa.

Alamar da ke tsaye da wadda ke tashi

Ba kowace alama ce ke riƙe kwatance ba. Masallaci, gidan mai, makaranta, tankin ruwa da taransifoma suna nan safe da yamma. Teburin mai shayi kuwa da rana tsaka ba lallai a same shi ba, mai tsire sai da yamma yake fitowa, motar da ake ajiyewa a ƙofar gida ma takan fita. Akwai kuma alamar da ta mutu amma sunanta ya rage a bakin mutane, kamar gidan burodin da aka rufe shekaru da suka wuce. 'Yan unguwa sun san wurin, baƙo ba zai ga komai ba. Irin wannan suna yana da amfani ne kawai idan an ce ya tambayi mutane da shi.

Ƙirga kwana ma yana da nasa tarkon. Mazaunin wuri yakan tsallake ɗan siririn lungu a lissafinsa don bai ɗauke shi hanya ba, baƙo kuwa zai ƙirga shi. Maganin wannan shi ne a haɗa ƙirge da alama, kamar yadda aka haɗa kwana ta uku da taransifoma. A tsofaffin unguwannin cikin ganuwa, inda lunguna ke da ƙunci da lanƙwasa, ya fi sauƙi a yanke wurin haɗuwa a bakin titi a tura wani ya jira a can.

Taswirar waya

WhatsApp yana ba da damar tura wuri ta ƙarƙashin Location. Zaɓin Send your current location yana tura inda wayar take a daidai lokacin da aka danna, don haka wanda ke kasuwa ya tura shi, kasuwa ya tura. Zaɓin Share live location yana bin wayar duk inda ta je na tsawon minti 15, ko awa 1, ko awa 8, kuma ya fi dacewa da wanda ya fito jira a bakin titi. A cikin ɗaki mai rufin kwano ko tsakanin dogayen gine-gine alamar kan kauce, ta faɗa layin baya. Shi ya sa ake so a fito ƙofar gida a ɗan jira kafin a tura, sannan a buɗe taswirar a duba ko alamar ta zauna a layin da ya dace. Taswira tana kawo mutum kusa, rubutaccen kwatance da hoton ƙofa su ke nuna masa gidan.

Saƙon murya yana taimaka wa wanda karatu ke yi wa wuya, sai dai ana buƙatar ya zama gajere, domin sake sauraren dogon saƙo don neman kwana guda yana cin lokaci. Idan da hali, a haɗa murya da rubutu.

Lokaci, kuɗi da tabbaci

Gyaran da ya isa kafin kaya su bar shago ba ya jawo wata asara. Wanda ya isa bayan ɗan aike ya kai tsohon adireshi yana nufin ƙarin mai da ƙarin lokaci, kuma masu kai kaya da yawa gwargwadon nisan unguwa suke yanke kuɗi. Idan kuskuren na mai kaya ne, ya dace ya ambaci ƙarin kuɗin da kansa a cikin saƙon. Idan na shago ne, da shagon za a daidaita. Manyan kamfanonin aike kuma wasunsu ba sa barin ma'aikaci ya sauya adireshi da kansa, don kada wani ya karkatar da kayan da ba nasa ba. A irin wannan hali sai an sanar da ofis ko mai sayarwa daga lambar wayar da aka yi odar da ita.

Turawa kaɗai ba ta tabbatar da cewa gyara ya shiga. Mai tuƙi ba ya duba waya a kan hanya, datarsa ma tana iya ƙarewa. Idan an ɗan jima ba amsa, sai a kira, a kuma roƙe shi ya maimaita sunan unguwa da alamar farko da bakinsa. Inda kamfani ya turo lambar sirri ta karɓar kaya, ba a saka ta cikin saƙon gyara. Ana faɗinta ne bayan ƙunshin ya shiga hannu an kuma duba sunan da ke jikinsa.