Kafin a tura kafin alƙalami zuwa Foshan

Yawancin cinikin tayil tsakanin Kano da birnin Foshan na ƙasar Sin a waya ake fara shi. Hotuna su zo ta WhatsApp ko WeChat, a yi ta taya da albarka har a daidaita, sai kamfani ya turo takardar farashi ya nemi kashi 30 cikin ɗari, sauran 70 kuma kafin a yi lodi. A nan ne ɗan kasuwar da ya goge yake ja da baya ya rubuta imel, domin da zarar kuɗi sun fita daga hannunsa, bakinsa ya rage nauyi.

A ce yana son kwantena ɗaya mai ƙafa 20 ta tayil mai santimita 60 a kowane gefe. Abu na farko da zai tambaya shi ne inda farashin ya tsaya. Haruffa uku ne ke yanke wannan, daga cikin ƙa'idojin Incoterms da Cibiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya ICC mai hedikwata a Paris ta sabunta a 2020. Idan an rubuta EXW, farashin na ƙofar masana'anta ne. Mota zuwa tasha da takardun fitar da kaya duk suna wuyan mai saye. Idan FOB ne, kamfani zai kai kayan har cikin jirgi. Idan CFR ne, ya ɗauki kuɗin jirgi har tashar da aka ambata. Saboda haka imel ɗin ba ya barin haruffan su tsaya su kaɗai, sai da sunan tasha: FOB Nansha, Incoterms 2020, ko CFR Apapa, Incoterms 2020.

Akwai tarkon da mutane da yawa ke faɗawa. Suna zaton tunda kamfani ne ya biya jirgi a CFR, shi ke da asara idan kaya suka lalace a teku. Ba haka ba ne. Da an ɗora kwantena a jirgi a can Sin, hatsarin ya dawo kan mai saye. Shi ya sa inshora ta zama dole, kuma a Najeriya ana neman ta kamfanin cikin gida kafin banki ya amince da Form M. Kuɗin kwastan da na tasha da motar da za ta hauro da kayan Arewa, babu ko ɗaya a cikin CFR.

Sai batun shirya kaya, wanda a tayil shi ne rabin ciniki. Nauyi ne ke cika kwantenar tayil tun wuri bai ƙare ba, don haka dole a rubuta guda nawa ne a katan (wannan girman yawanci huɗu ne, wato murabba'in mita 1.44), kilo nawa katan yake, da jimillar katan da nauyinsu. A faɗi ko za a jera su a kan katakon ɗori a ɗaure da igiyar roba, ko zube za a loda. Zube ya fi cin kaya, amma gefuna sun fi karyewa, kuma tayil ɗin da ya jure teku yana da sauran doguwar hanya daga Legas zuwa Kano. Wani abin da sabon shiga kan manta shi ne launi: gashin yau da na gobe sukan ɗan bambanta, sai an shimfiɗa a falo a ga wani ɓangare ya fi wani duhu. Imel ɗin ya nemi duk kayan su fito daga gashi ɗaya, da lambar launi ɗaya a jikin kowane katan.

Dubawa kuwa a ɗaura ta da kuɗi. Ya rubuta cewa ba zai biya cikon 70 ba sai wakilinsa, ko kamfanin duba kaya irin SGS ko Intertek, ya shiga masana'anta ya buɗe katan da shi ya zaɓa, ya gwada da samfurin da aka amince da shi, ya auna kauri, ya tsaya a kan lodi ya ɗauki lambar kwantena da ta hatimi. Ya kuma bayyana abin da zai biyo baya idan kayan suka faɗi: a sake su cikin kwana kaza a kan kuɗin kamfani, ko a maido da kafin alƙalami. Takardar SONCAP ma a nan ake tantance wanda zai nema da wanda zai biya, domin tun kafin jirgi ya tashi ake fara ta.

Amsar da ta ce "babu matsala, abokina" ba ta wadatar ba. Sai kamfani ya shigar da waɗannan sharuɗɗa cikin takardar farashin, ya buga hatiminsa ya sake turowa. Sannan a duba asusun banki: sunan da ke kansa ya zama na kamfanin da ke kan takarda. Idan wani imel ya biyo baya yana cewa an canja asusu, a kira lambar da aka saba kira a ji daga bakinsu kafin a je banki, domin 'yan damfara kan kutsa cikin akwatin imel su jira daidai wannan rana.